Ya kawo mini wasiƙar shaidarsa a rubuce, sa hannu kawai ya rage

Assalamu alaikum Hajiya. Ni ne shugaban sashen tattara bayanai a wata ƙungiya mai aikin lafiya. Akwai wani yaro da ya shekara uku a ƙarƙashina, yana neman tallafin karatu na Chevening don ya yi digiri na biyu a Birtaniya, ya roƙi in rubuta masa wasiƙar shaida. Saboda aiki ya yi mini yawa na ce ya rubuto in duba. Da ya kawo, sai na ga ya rubuta wai shi ya jagoranci aikin bayanan rigakafi a ƙananan hukumomi 14. Ni na jagoranci aikin, uku kawai aka damƙa masa. Gaskiya a ukun nan ya yi abin a yaba: rahoton wata da kan yi sati uku bai iso ba, ya mayar da shi kwana biyar. Amma bara na ba shi takardar tuhuma, don ya makara da wani rahoto sati biyu bai faɗa mini ba. Mahaifinsa mutumin unguwarmu ne, har ya zo gida ya yi mini godiya tun ban sa hannu ba. Kuma ba zan ɓoye miki ba, idan ya tafi ban san wanda zai riƙe aikinsa ba. In sa hannu haka nan, ko in gyara in ja masa asara?

Wani shugaban sashe

Wa alaikumus salam Malam. Kada ka sa hannu a takardar nan yadda take. Amma kuma ka cire wa ranka cewa gyaran zai ja masa asara, domin a ganina wasiƙar gaskiya da za ka iya rubuta wa yaron nan ta fi wadda ya kawo maka ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da ya ɗauka ƙarami ne har ya lulluɓe shi da babbar riga, shi ne ainihin abin da masu tantancewa suke nema.

Bari mu fara da waɗanda za su karanta ta. Chevening shiri ne na gwamnatin Birtaniya tun 1983, ana biya wa mutum karatun digiri na biyu na shekara guda, kuma ba masu babban maki kaɗai suke nema ba. Suna neman wanda ya riga ya nuna zai iya jan mutane su yi abin da da ba sa yi. Shi ya sa suke sharɗanta aikin shekara biyu, wato awa 2,800, kuma suke sa mai nema ya yi rubuce-rubuce a kan shugabanci, da yadda yake ƙulla hulɗa da mutane, da dalilin zaɓen karatun, da abin da zai yi idan ya dawo. Duk waɗannan bakinsa ne. Mutum biyu suke so su ji daga gare su bayan shi, kuma kai ne ɗaya daga ciki. Aikinka a wurin aikin shaida ne, irin wanda ake kira a gaban alƙali: me ka gani da idonka, yaushe, a ina. Shaidan da ya maimaita maganar mai ƙara kalma da kalma bai ƙara masa komai ba, wanda kuma ya ƙara gishiri ya ɓata masa har gaskiyar da yake da ita.

Ka yi tunanin ranar ganawa. Waɗanda suka tsallake zagayen farko akan kira su ofishin jakadancin Birtaniya, su zauna gaban kwamiti, kuma tambayoyin daga abin da aka rubuta suke fitowa. Idan takarda ta ce ya jagoranci ƙananan hukumomi 14, ba abin mamaki ba ne a tambaye shi yadda ya raba kuɗin aikin, ko wa ya shawo kan jami'in da ya ƙi ba da haɗin kai, ko wane hukunci ya yanke da ya yi nadamarsa. Amsoshin nan a kanka suke, ba a kansa ba. Zai fara kame-kame, kuma mutanen da suka wuni suna sauraron masu nema sun san kame-kame tun daga jimlar farko. Amma a tambaye shi yadda sati uku ya koma kwana biyar, zai yi rabin awa yana bayani ba tare da ya duba takarda ba, don shi ya yi gumin. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a nan ba kai za ka faɗa ciki ba, shi ne zai faɗa shi kaɗai a ɗakin da ba ka ciki.

Sai dai kafin ka ɗora masa laifin duka, ka ɗauki naka kason. Kai ka ce ya rubuto. Ƙaramin ma'aikaci da aka ce ya yabi kansa da bakin shugabansa ba shi da hanya mai kyau: ko ya ji kunya ya rubuta abin da ba shi da gishiri, ko ya ji tsoron kada a raina shi ya zarce. Naka ya zarce. Mai yiwuwa ma wani da ya taɓa nema ne ya ce masa ai sai an kumbura. Ban ce ya yi daidai ba, sunanka ya so ya sa a ƙarƙashin abin da bai faru ba, kuma aikinka ya ɗauka ya kira nasa. Idan abin ya sosa maka rai kana da hujja. Amma wannan kuskuren zama ɗaya ne zai gyara shi, ba dalilin janye hannu ba ne.

Ka kira shi ofis, ku biyu kawai, ka rufe ƙofa. Ka ajiye takardar, ka nuna masa layin, ka ce: "Wannan ba haka aka yi ba, kuma ba zan sa hannu a kai ba. Amma zan rubuta maka da kaina, kuma abin da zan rubuta ya fi wannan." Ka haɗa maganar biyu a numfashi ɗaya, kada ka bar shi ya kwana da rabin farko. Daga nan ka tambaye shi abin da ya fi komai gaggawa: shin wannan magana ta 14 ta shiga rubuce-rubucen da ke cikin fom ɗinsa? Idan bai tura ba tukuna, ya gyara yau, kuma ya nuna maka. Idan ya riga ya tura, to bakin alƙalami ya bushe a can. Kai dai ba za ka maimaita ba, za ka rubuta abin da ya faru, shi kuma ya shirya ya faɗi iyakar rawar da ya taka da bakinsa ranar ganawa tun kafin a tono. Wanda ya ce aikin na ƙananan hukumomi 14 ne, ni uku na riƙe, ga abin da na yi a cikinsu, ya tsira da mutuncinsa.

A zaman nan ka karɓi abubuwan da ya kamata ka nema tun farko maimakon wasiƙa a rubuce: takardar tarihin aikinsa, rubuce-rubucen da ya yi, sunayen kwasa-kwasai ukun da ya zaɓa, umarnin da shirin ya fitar wa masu shaida na wannan shekarar, da ranar rufewa. Umarnin ka karanta da idonka, kada ka dogara da abin da wanda ya nema shekara uku da suka wuce ya gaya masa, domin sukan sauya ranaku da hanyar miƙawa. Sannan ka ɗauko fayil ɗinsa ka gwada ranar da ya kama aiki da sunan muƙaminsa da abin da ya cika a fom. Abin da ba a zato yakan kawo cikas: shi ya rubuta ya fara a Maris, kai ka rubuta Yuni, shi ya kira kansa jami'i, kai ka kira shi mataimakin jami'i. Tunda awoyin aiki ake lissafawa, saɓanin wata uku abin lura ne, kuma mai karatu ba zai san wanda ya yi kuskure ba.

Yanzu ita wasiƙar. Da Turanci za ka rubuta, ni da Hausa zan ba ka ma'anar. Kada ka buɗe da "ga duk wanda abin ya shafa", irin takardar da muke ba wanda ya bar aiki. A kanta ka sa Chevening Secretariat, wato ofishin da ke gudanar da shirin, ka ambaci cikakken sunan yaron yadda yake a fasfo. Sakin layi na farko gajere ne: wane ne kai, shekara nawa ka san shi, a wane matsayi, kuma yaya kusancin aikin yake. "Shekara uku yana aiki kai tsaye a ƙarƙashina, ni nake duba rahotonsa kowane wata" ta fi layi biyar na tarihin ƙungiyarku. Wannan jimla ita ce take ba sauran maganarka nauyi, kuma saboda ita ne wasiƙarka ta fi ta babban darakta ko ɗan majalisar da bai taɓa ganin yaron yana aiki ba.

Sakin layi na biyu shi ne zuciyar wasiƙar, a nan za ka daɗe. Ka gaya mini sakamakon, amma ba ka gaya mini yadda aka yi ba, kuma yadda aka yin ne shugabanci. Ka zauna ka tuna, ka buɗe tsofaffin saƙonni, ka tambaye shi. Me ke sa rahoton makara tun asali? Wa ya gano? Ma'aikatan asibitocin da ke cika fom ba a ƙarƙashinsa suke ba, ba shi ke biyansu albashi ba, wasunsu sun haife shi, to da me ya sa suka sauya? A ce, misali, ya bi asibitocin ɗaya bayan ɗaya ya tarar takardun kan gama cikuwa da wuri, amma sai su zauna suna jiran wanda zai kai su hedikwatar ƙaramar hukuma, sai ya shirya a riƙa ɗaukar hotonsu ana turowa ta waya, asalin takardar ta biyo baya. To sai ka rubuta kamar haka:

"A cikin ƙananan hukumomi 14 da nake jagoranta, na damƙa masa uku. Lokacin da ya karɓa, rahoton wata kan yi sati uku kafin ya iso. Ba tare da na umarce shi ba ya zagaya asibitocin, ya gano ba cika fom ne matsalar ba, kai shi ne. Ya shawo kan jami'an da ba a ƙarƙashinsa suke ba, har da waɗanda suka girme shi a aiki, suka yarda da sabuwar hanya. Rahoton ya koma isowa cikin kwana biyar."

Ka sauya bayanan da ainihin abin da ya faru, kada ka ɗauki misalina ka mayar da shi tarihi. Amma ka lura da abin da ke ciki. Lambar 14 tana nan, a mazauninta na gaskiya, kuma ta nuna girman aikin da yake ciki. Babu kalmar haziƙi, babu jajirtacce, amma mai karatu ya ga duka biyun. Idan daga baya sauran ƙananan hukumomin sun kwaikwayi hanyarsa, ka faɗa, don babu shaidar tasiri da ta kai a ce na gefe sun ɗauka. Idan ba su ɗauka ba, ka yi shiru a kai.

A nan zan ɗan ratse, don na karanta irin waɗannan wasiƙu da yawa a shekarun da na yi a ofis, kuma ni ma na rubuta marasa amfani kafin in gane. Yabonmu na gida shi ne mai ladabi, mai biyayya, ba ya makara, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Wannan yabo ne na gaske a wurinmu, da shi ake ba mutum aure. Amma ga wanda ke neman shugaban gobe, mai biyayya kaɗai yana nufin wanda ke jiran a ce masa yi. Na taɓa rubuta wa wata yarinya shafi biyu cur na irin wannan, ina ganin na yi mata gata. Da na sake karantawa bayan shekaru, sai na ga zan iya goge sunanta in sa na kowa a ofishin ba tare da na sauya kalma ɗaya ba. Ka yi wa taka wannan gwajin. Duk jimlar da za ta zauna daidai a kan wanda ke teburin kusa da shi, ka cire ta. Idan kana son ka nuna ladabinsa, ka nuna shi yana aiki: yadda ya saba da kai a kan wani abu cikin girmamawa, kuma ya zamana shi ne da gaskiya.

Bayan wannan sai ka taɓa hulɗarsa da mutanen waje da abu ɗaya da ka gani, sannan ka faɗi ko zai iya karatun. Kai ba malaminsa na jami'a ba ne, kada ka yi magana a kan makinsa. Abin da ka sani shi ne yana rubuta rahoto da Turanci ba sai an yi masa gyara mai yawa ba, ko ya koyi wata manhajar lissafi da kansa, idan haka ne. Digiri na biyu a Birtaniya shekara ɗaya ne a matse, da rubutu mai yawa da wa'adi a kan wa'adi, don haka shaidar wanda ya ga rubutunsa shekara uku tana da daraja. Ka rufe da jimla ɗaya mai ƙarfin da ka yarda da shi. Idan a cikin ƙananan ma'aikatan da suka bi ta hannunka yana cikin biyu ko uku na sama, ka faɗi haka da adadinsu. Idan bai kai ba, kada ka ce ya kai. Shafi ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya isa, a takarda mai tambarin ofis, da kwanan wata, da sa hannunka, da muƙaminka, da lambar waya da imel ɗin da kake dubawa, don suna iya tuntuɓarka.

Maganar takardar tuhuma kuwa, tambaya ɗaya za ka yi wa kanka: ya sake? Idan sau ɗaya ne, an yi masa hukunci, ya gyara, to magana ta mutu a fayil. Wasiƙar shaida ba rahoton ƙarshen shekara ba ce, kuma barin ta ba ƙarya ba ne. Abin da ya haramta gare ka shi ne ka rubuta bai taɓa saɓa wa'adi ba. Wasu shugabannin sukan mayar da irin wannan labarin koyon darasi, cewa ya taɓa makara, daga nan ya zama mai sanar da matsala da wuri. Yana iya yin kyau, amma ni ba zan ba ka shawarar haka ba a nan, domin wurin kaɗan ne, kuma mai karanta ɗaruruwan wasiƙu yana iya riƙe kalmar makara ya manta sauran. Sai fa idan an yi maka tambaya kai tsaye, kamar yadda fom ɗin wasu jami'o'i kan yi, to nan gaskiya za ka faɗa a taƙaice tare da abin da ya biyo baya. Idan kuwa halin ya ci gaba har yau, yana ɓoye maka matsala sai ta fashe, to ba ka da wasiƙa mai ƙarfi da za ka rubuta, kuma adalci shi ne ka gaya masa da wuri ya nemi wani. Wasiƙa mai sanyi ta fi ƙin rubutawa cutarwa, don shi zai tafi yana zaton ka goya masa baya.

Na ji daɗi da ka faɗi tsoronka na rasa shi, don da yawa ba sa faɗa, sai dai ka ga wasiƙa ta yi ta jinkiri a tebur har ranar ta wuce. Ka kula da kanka a nan. Idan ka ji alƙalaminka yana rage masa yabo, ka tambayi zuciyarka ko gaskiya ce ke rage shi ko kujerar da za ta zama babu kowa. Kana da lokaci fiye da yadda kake zato: sakamako kan fito ne wajen tsakiyar shekara, karatu kuma a fara wajen Satumba ko Oktoba. Wata da watanni ke nan da zai iya koya wa wani aikinsa, ya rubuta yadda yake tafiyar da ƙananan hukumominsa uku. Ka nemi wannan daga gare shi a fili, amma a zama na daban, kada ya zama kuɗin wasiƙa. Haka ma batun hutun karatu, da albashi ko babu, da ko zai sa hannu a yarjejeniyar dawowa, na sashen kula da ma'aikata ne. Kuma kada ka yaudari kanka: sharaɗin Chevening shi ne ya dawo ƙasarsa ya yi aƙalla shekara biyu, ba ofishinka aka ce ba. Idan kuna son ya dawo muku, sai ku tanadi abin da zai dawo ya tarar.

Mahaifinsa bai roƙe ka ƙarya ba, godiya ya yi don za ka taimaki ɗansa, kuma za ka taimake shi. Ba sai ya ji labarin layin da aka goge ba. Idan kun haɗu a masallaci ka ce masa ana nan ana yi, Allah ya sa a dace. Tona yaron a gaban mahaifinsa ba zai gyara komai ba, sai dai ya sa ya daina kawo maka matsalarsa, wanda shi ne ainihin abin da ya jawo takardar tuhumar bara.

Abu na ƙarshe da shugabanni da yawa ba sa shirya masa: wannan wasiƙa ba ita kaɗai ba ce. Neman gurbi a jami'o'in daban yake da neman tallafin, kuma dole sai ɗaya daga cikinsu ta ba shi gurbi marar sharaɗi. Kowace jami'a tana iya neman tata shaidar, kuma yawanci kai za su turo wa saƙo da mahaɗin da za ka shiga ka ɗora wasiƙar da kanka. Ka ba shi imel ɗinka na ofis ya saka, don sun fi amincewa da shi a kan na Gmail, ka riƙa leƙa akwatin da saƙonnin banza ke faɗawa, domin can irin waɗannan kan ɓuya har wa'adi ya wuce. Ka ajiye wasiƙar a kwamfutarka ta yadda za ka sauya kanta da sunan kwas, ka ɗan ƙara nauyi a ɓangaren iya karatu, kada ka tura wa jami'a takardar da ke kiran sunan Chevening. Ka ware yammaci ɗaya a satin nan ka rubuta, ka bar ta ta kwana, ka sake karantawa da safe, sannan ka nuna masa kafin ka sa hannu don ya duba ranaku da sunaye. Allah ya ba shi sa'a, kai kuma ya ba ka wanda zai riƙe maka ukun nan.